Yadda za ka sa kowane manajan reshe ya ga lissafin reshensa kaɗai a dashbod guda na Power BI

Kamfani mai rassa da yawa yakan fara da rahoto guda wanda hedkwata ke dubawa. Ana nan sai a ce manajojin rassa ma su riƙa gani, amma kada manajan wannan reshe ya leƙa cinikin wancan. Dabarar da ke fara zuwa wa mutum ita ce ya kwafi fayil ɗin sau goma, kowane reshe da nasa. Wannan yana aiki na wata ɗaya ko biyu, har ranar da za a gyara lissafi guda a ga sai an bi fayil goma ɗaya bayan ɗaya, kuma dole a manta da wani. Dabara ta biyu ta fi haɗari: a sa `slicer`, wato akwatin zaɓi mai tace abin da shafi ke nunawa, a kan shafi, a zaɓi reshen mutum, a ɓoye shi. Abin da aka ɓoye daga ido yana nan daram a cikin bayanan, kuma duk wanda ya iya share zaɓin ko ya jawo bayanan zuwa Excel zai ga na kowa.

Abin da ake buƙata shi ne a tace layukan tun kafin su iso shafin rahoto. Wannan shi ne aikin da Power BI ke kira `Row-level security`, ana taƙaita shi da RLS. Ka ɗauke shi kamar rariya da aka kafa a bakin rumbun bayanai: duk tambayar da rahoto ya aika, sai ta bi ta rariyar mutumin da ya shiga, kuma abin da bai wuce ba, a wajen wannan mutumin tamkar babu shi ne. Zan bi hanyar da na fi yarda da ita, wadda matsayi guda, wato `role` mai ɗauke da ƙa'idar tacewa, ke hidimar dukan manajoji, tebur ɗaya kuma ke faɗin wa ke da wane reshe.

Misalin da za mu bi

A ce rassa huɗu ne, kuma cinikinsu na wata ɗaya shi ne: R01 ya yi 420,000, R02 ya yi 310,000, R03 ya yi 180,000, R04 ya yi 90,000. Jimla 1,000,000 cif. Na zaɓi waɗannan alƙaluma ne don su yi sauƙin riƙewa, domin da su za mu gane ko rariyar ta kama ko ta yoye. Akwai manaja ɗaya a R01, ɗaya a R04, sannan akwai shugaban yanki wanda R02 da R03 ke ƙarƙashinsa, wato shi ya kamata ya ga 490,000. Sai mutanen hedkwata da ke ganin komai.

Kai ma kafin ka taɓa komai a naka aikin, ɗauki takarda ka rubuta jimlar kowane reshe na wani wata da ya riga ya rufe. Rubuta ta daga asalin tushen bayanan, ba daga rahoton da kake shirin gwadawa ba. Wannan takardar ce alƙalinka a ƙarshe.

Mataki na farko: gyara tebura, domin nan ne ainihin aikin

Mutane kan yi gaggawar zuwa rubuta ƙa'idar tsaro, alhali yawancin matsalar daga tsarin teburan take tasowa. Kana buƙatar tebura uku.

Na farko shi ne `Rassa`. Kowane reshe layi ɗaya tak, da ginshiƙin `LambarReshe` wanda ba ya maimaituwa, da suna, da yanki. Na biyu shi ne `Ciniki`, inda ake da dubban layuka, kowanne ɗauke da lambar reshen da aka yi cinikin. Tsakaninsu ka ƙulla alaƙa daga `Rassa` zuwa `Ciniki`, irin ta ɗaya-zuwa-da-yawa, kuma `Cross filter direction` ya tsaya a `Single`. A `Model view` za ka ga ɗan kibiya a kan layin alaƙar yana nuni daga `Rassa` zuwa `Ciniki`. Kibiyar nan ita ce hanyar da tacewar tsaro ke bi. Idan aka rage `Rassa` ya koma layin R01 kaɗai, `Ciniki` ma zai koma layukan R01 kaɗai, ba tare da an rubuta masa komai ba.

Daga nan ka ga dalilin da ya sa ake ɗora ƙa'idar a kan ƙaramin tebur. Gwada layi huɗu, ko ma ɗari huɗu, ya fi sauƙi a kan injin fiye da gwada layi miliyan ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wani tebur da ke rataye a jikin `Rassa` zai gaji tsaron kai tsaye.

Na uku shi ne `Izini`, teburin da ke haɗa mutum da reshe. Ginshiƙi biyu sun wadatar:

```
Imel                        LambarReshe
manaja.r01@example.com      R01
manaja.r04@example.com      R04
shugaban.yanki@example.com  R02
shugaban.yanki@example.com  R03
```

Lura da shugaban yanki: layi biyu gare shi, kowane reshe da nasa. Kada ka cusa `R02, R03` cikin gida ɗaya, domin ƙa'idar ba za ta gane su a matsayin rassa biyu ba. Teburin nan zai iya zama fayil ɗin Excel a SharePoint ko tebur a rumbun bayanan kamfani, amma duk inda yake, a taƙaita masu ikon gyara shi zuwa mutum biyu ko uku. Wanda zai iya ƙara layi a `Izini` ya riƙe mabuɗin kowane reshe, ko da bai taɓa buɗe Power BI ba.

A Power Query, sashen da ake gyara bayanai kafin a loda su, ka bi ginshiƙin `Imel` da na `LambarReshe` da `Trim` da `Clean`, a dukan teburan uku. Babban baƙi ko ƙarami ba ya damun DAX, harshen lissafi na Power BI, wajen kwatanta rubutu, amma ɗan fili da ya maƙale a gaban adireshi, wanda ido ba ya gani, ya isa ya hana manaja ganin komai.

Ni ba na ƙulla wata alaƙa tsakanin `Izini` da `Rassa`. Akwai masu ƙullawa, su mayar da ita mai tafiya ta ɓangare biyu, su kunna `Apply security filter in both directions`. Hanyar tana aiki, sai dai alaƙa mai kai da komo tana kawo ruɗani idan tebura suka yi yawa, tana kuma iya rage saurin rahoto. Idan `Izini` ya tsaya shi kaɗai, ƙa'idar ta riƙa leƙa shi da kanta, duk wanda ya gaji aikin bayanka zai karanta layi bakwai ya fahimci komai.

Kafin ka wuce, tsaya a `Model view` ka ƙirga duk teburan da ke ɗauke da alƙaluman reshe: burin ciniki na wata, albashi, kayan da ke sito, bashin kwastomomi. Bi kowanne da yatsa ka ga ko akwai layi mara yankewa da ke zuwa masa daga `Rassa`, kibiya kuma tana fuskantarsa. Layin da aka zana da ɗigo-ɗigo alaƙa ce da ba ta aiki, tsaro ba ya bi ta cikinta. Tebur da ba shi da alaƙa kwata-kwata kuwa, a buɗe yake ga kowa. Wanda aka fi mantawa shi ne teburin buri, domin yawanci daga baya ake manna shi daga wani fayil ɗin Excel. Sai ka ga manajan R04 yana kallon cinikinsa na 90,000 daidai, amma a gefensa ga burin dukan rassa huɗu a jere.

Mataki na biyu: matsayi da ƙa'idarsa

A Power BI Desktop, je shafin `Modeling`, ka danna `Manage roles`, ka ƙirƙiri sabon matsayi mai suna `ManajanReshe`. Zaɓi teburin `Rassa`, ka koma wajen rubuta DAX da `Switch to DAX editor`, ka sa wannan:

```
VAR Mutum = USERPRINCIPALNAME ()
RETURN
    Rassa[LambarReshe] IN
        SELECTCOLUMNS (
            FILTER ( Izini, Izini[Imel] = Mutum ),
            "L", Izini[LambarReshe]
        )
```

Ga abin da yake faɗa. `USERPRINCIPALNAME` yana dawo da sunan da mutum ya shiga Power BI da shi. `FILTER` yana tsamo layukan `Izini` masu wannan sunan, `SELECTCOLUMNS` ya ɗauko lambobin rassan da ke jikinsu. Sai a bi kowane layi na `Rassa` a tambaya: lambarka na cikin waɗannan? Idan shugaban yanki ne ya shiga, jerin zai zama R02 da R03, layukan R01 da R04 su faɗi, cinikinsu ya bi su. Idan kuma wanda ya shiga ba ya cikin `Izini` sam, jerin zai zo fayau, babu reshen da zai wuce, shafin ya fito ba alƙalami ko ɗaya. Haka ake so. Ƙa'ida mai kyau ita ce wadda idan ba ta san mutum ba take rufe ƙofa.

Za ka ci karo da misalai masu amfani da `LOOKUPVALUE` a wannan wuri. Yana aiki muddin kowane mutum reshe ɗaya gare shi. Ranar da aka ba wani reshe na biyu, `LOOKUPVALUE` zai tarar da amsa biyu daban-daban ya jefo kuskure, rahoton mutumin ya ƙi buɗewa. Tunda riƙon ƙwarya da haɗa rassa ba baƙon abu ba ne a wurin aiki, gara ka fara da `IN` tun ranar farko.

Saura abu ɗaya a cikin wannan matsayin. Teburin `Izini` kansa yana ɗauke da sunayen ma'aikata da rassansu, kuma tunda ba shi da alaƙa da kowa, babu abin da ke tace shi. Ɓoye shi da `Hide in report view` gyaran fuska ne kawai, ba kariya ba ne. Zaɓe shi a cikin matsayin, ka ba shi tasa ƙa'idar:

```
Izini[Imel] = USERPRINCIPALNAME ()
```

Yanzu kowa layukansa kaɗai zai iya gani a ciki.

Sai ka ƙirƙiri matsayi na biyu mai suna `Hedkwata`, kada ka sa masa ƙa'ida ko ɗaya. Ana buƙatarsa ne saboda da zarar an kafa RLS, mai kallo da ba ya cikin kowane matsayi ba zai ga bayanai ba, sai saƙon da ke cewa ba shi da izini. Amma ka riƙe wannan da kyau: matsayi haɗuwa suke yi, ba rage juna suke ba. Wanda ke cikin `ManajanReshe` kuma yana cikin `Hedkwata` zai ga komai, domin ana tara masa abin da kowanne ya halatta. Babu matsayin da ke iya hana abin da wani ya bayar.

Mataki na uku: gwaji a kan kwamfutarka

Kafin gwaji, ƙara wani ɗan ma'auni ka sa shi a kati a ƙasan shafi:

```
WaNeNe = USERPRINCIPALNAME ()
```

Zai yi maka amfani yanzu, zai kuma fi yi maka amfani daga baya.

A `Modeling`, danna `View as`. Sa alama a `Other user` ka rubuta `manaja.r01@example.com`, sannan ka sa alama a `ManajanReshe`. Dole ka sa duka biyun. Idan sunan kaɗai ka rubuta ba ka zaɓi matsayi ba, babu ƙa'idar da za ta tashi, za ka ga 1,000,000 ka zaci aikin ya lalace. Idan matsayin kaɗai ka zaɓa, za a gwada da sunanka, kai kuma ba ka cikin `Izini`, shafin ya fito fayau.

Yanzu ɗauko takardarka. Manajan R01 ya nuna 420,000? Na R04 ya nuna 90,000? Shugaban yanki 490,000? Wani adireshi da ka ƙirƙira wanda ba ya ko'ina ya nuna fanko? Kada ka tsaya a shafin farko. Buɗe kowane shafi, har da waɗanda aka ɓoye da na `drillthrough`, ka buɗe kowane `slicer` ka karanta abin da ke ciki. Idan ka ga sunan wani reshe ko na ma'aikacin wani reshe a jerin, to daga teburin da tsaro bai kai gare shi ba yake fitowa. Teburin ma'aikata da na kwastomomi sun fi yawan yin haka, domin tacewa tana gangarawa ne daga `Rassa` zuwa `Ciniki`, ba ta hawa daga `Ciniki` zuwa teburin kwastomomi. Manaja ba zai ga kuɗin kwastoman wani reshe ba, amma zai ga sunansa. Idan sunan ma sirri ne, sai teburin kwastomomi ya samu tasa lambar reshe da tasa ƙa'idar.

Akwai wani abu da gwajin nan kan tono wanda ba laifin tsaro ba ne. A ce shugaban yanki ya nuna 475,000 maimakon 490,000, alhali hedkwata na ganin 1,000,000 daidai. Ina 15,000 ta shiga? Kusan kullum amsar ita ce wasu layukan `Ciniki` an rubuta musu lambar da babu ita a `Rassa`, misali `R3` maimakon `R03`. A wajen hedkwata waɗannan layuka suna taruwa ƙarƙashin reshe mara suna, wanda ke fitowa a matsayin `(Blank)`, don haka jimla ta cika. A wajen manaja kuwa ba su da reshen da zai shigo da su, sai su ɓace. Yadda za ka gane shi ne ka yi tebur na ciniki bisa reshe ba tare da wani matsayi ba, ka duba ko akwai layin `(Blank)`. Gyaran a tushen bayanan yake ko a Power Query, kada ka nemi sassauta ƙa'idar don ta kama su.

Kaso cikin ɗari da ke komawa 100

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin kusan kowane rahoton rassa yana da ma'aunin da ke nuna kason reshe a cikin cinikin kamfani. Yawanci ana rubuta shi da `ALL ( Rassa )` don a cire tacewa a samu jimlar kowa. A hannunka R01 yana nuna kashi 42. Manajan R01 ya buɗe, ya ga kashi 100. Lissafin bai ɓaci ba. `ALL` yana cire tacewar da shafi ya ɗora, amma ba ya iya dawo da layukan da tsaro ya riga ya kwashe, don haka 420,000 ake rabawa da 420,000. Haka matsakaicin rassa da jeren na ɗaya da na biyu za su yi: kowane manaja zai ga kansa a matsayi na ɗaya.

Idan shugabanni sun yarda manajoji su san jimlar kamfani, sai a gina wani ƙaramin tebur daban mai jimlar kowane wata, babu ginshiƙin reshe a cikinsa, babu kuma alaƙa da `Rassa`, sai da teburin kwanan wata kawai. Ana iya haɗa shi a Power Query da `Group By`. Tunda ana cika shi ne lokacin sabunta bayanai, kuma tsaro ba shi da hanyar isa gare shi, zai riƙe 1,000,000 ga kowa, kason ya dawo 42.

Amma wannan shawara ce ta masu kamfani, ba taka kai kaɗai ba, kuma ka faɗa musu abin da ke ciki. Shugaban yanki yana ganin 490,000, ya san jimla 1,000,000, don haka ya san sauran rassa biyu sun yi 510,000 a haɗe. Wannan da sauƙi. Idan kuwa rassa biyu ne kacal a kamfanin, ko ka ba da jimlar yankin da ke da rassa biyu, ragi ɗaya ya isa manaja ya san cinikin maƙwabcinsa har ƙwandala. Tebur irin wannan taga ce ka buɗe da hannunka, sai ka auna faɗinta.

Mataki na huɗu: bayan an ɗora shi

Danna `Publish`. Matsayi da ƙa'idojinsu za su tafi tare da fayil ɗin, amma sanya mutane cikin matsayi a Power BI na intanet ake yi. Buɗe `workspace`, wato wurin da ka ɗora fayil ɗin, nemo `semantic model` ɗin, wato bayanan da ke ƙarƙashin rahoton, danna ɗigo ukun da ke gefensa, ka zaɓi `Security`. Za ka ga `ManajanReshe` da `Hedkwata`. Maimakon rubuta mutane ɗaya-ɗaya, roƙi masu kula da asusun ma'aikata su buɗe maka `security group` biyu a Microsoft Entra ID, ɗaya na manajoji ɗaya na hedkwata, ka sa kowanne a matsayinsa. Rukunin Microsoft 365, irin wanda ke zuwa da Teams, ba ya karɓuwa a nan.

Ka ga ke nan ƙofa biyu mutum zai wuce: ya kasance cikin rukunin, sannan sunansa ya kasance a `Izini`. Wannan yana taimakawa wajen gano matsala. Manajan da ya ga saƙon rashin izini a kan zane-zanen, ba ya cikin matsayi. Wanda rahoto ya buɗe masa lafiya amma babu alƙaluma, yana cikin matsayi, sai dai `Izini` bai gane shi ba. A irin wannan hali ka ce masa: ranka ya daɗe, duba ƙasan shafin ka karanto mini abin da ke cikin ɗan katin nan. Sau da yawa za ka ji sunan shigarsa ya bambanta da adireshin da yake karɓar wasiƙa da shi, musamman a kamfanin da ya taɓa sauya suna ko ya haɗe da wani. Abin da katin ya nuna shi za ka rubuta a `Izini`, harafi da harafi.

Yanzu ga wurin da na fi jin tsoro, domin a nan ne aikin da aka yi daidai kan rushe ba tare da wata alama ba. RLS yana aiki ne kawai a kan masu kallo. A cikin `workspace` akwai matakai huɗu: `Admin`, `Member`, `Contributor` da `Viewer`. Ukun farko suna da ikon gyara, kuma duk mai ikon gyara tsaron layi ba ya hawa kansa, ko da an sa shi cikin `ManajanReshe`. Manaja ya yi ƙorafin wani abu ya ƙi buɗe masa, wani mai son taimako ya ɗaga shi zuwa `Member` don a huta, daga wannan lokacin yana ganin 1,000,000 da dukan rassa huɗu. Babu saƙon gargaɗi, babu kuskure a allo, shi ma manajan zai iya ɗauka haka aka tsara. Saboda haka ni ba na sa manajoji a `workspace` ko kaɗan. Ina haɗa rahoton ya zama `App`, in ba rukuninsu izinin buɗe shi, `workspace` kuma ya zama na masu gini kaɗai. Idan dole sai sun shiga, to `Viewer`, ba ƙari. Buɗe `Manage access` lokaci-lokaci ka karanta sunayen, har da na rukunoni, domin mutum kan samu ikon gyara ta wani tsohon rukuni da aka manta yana ciki.

A shafin `Security` akwai `Test as role` a jikin ɗigo ukun kowane matsayi, kuma yana ba ka damar gwadawa da sunan wani mutum. Maimaita gwajin takardarka a nan. Bayan haka ka zauna da manaja guda na gaske, ko ya nuna maka allonsa daga nesa, ya shiga da asusunsa kana kallo. Ka sa ya gwada `Export data`, idan kuma an ba shi izinin `Build`, ya gwada `Analyze in Excel`. Duka biyun suna bin RLS, don haka 420,000 ya kamata ya gani a can ma. Idan ya ga fiye da haka, koma ka duba matakinsa a `workspace` da kuma rukunin `Hedkwata`.

Abin da wannan tsaro ba ya yi

Layuka yake tacewa, ba ginshiƙai ba. Idan ana so manaja ya ga cinikin reshensa amma kada ya ga ribar da ke kan kowane kaya, wannan aikin `Object-level security` ne, wani abu daban. Haka kuma fayil ɗin `.pbix` yana ɗauke da bayanan kowa, wanda ya same shi zai buɗe ya ga duka, don haka ba a tura shi ga manaja ta imel ko a ajiye shi a babban fayil na kowa da kowa. PDF ko hoton da wani na hedkwata ya fitar yana ɗauke da abin da shi yake gani, ba abin da mai karɓa ya cancanci gani ba. `Publish to web` kuwa ba ya tafiya da RLS, kuma kada wani ya cire matsayi don ya samu hanyar. Idan rahotonka yana jawo bayanai kai tsaye daga Analysis Services, a can ake kafa matsayi, ba a Power BI Desktop ba.

Ranar da aka sauya wa manaja reshe

A ce an ɗauke manajan R01 an mayar da shi R04. Gyaran layi ɗaya ne a `Izini`: R01 ya koma R04, ba a taɓa rahoto ba, ba a taɓa matsayi ba. Sai dai idan teburin a yanayin `Import` yake, Power BI yana aiki ne da kwafin da ya ɗauka a sabuntawa ta ƙarshe. Ka gyara fayil da ƙarfe tara na safe, sabuntawa kuma sai tsakar dare, to duk yinin nan mutumin yana ganin tsohon reshensa. Da lasisin Pro ana iya tsara sabuntawa har sau 8 a rana, amma a irin wannan rana kada ka jira jadawali: danna `Refresh now`, ka duba `Refresh history` ka tabbata ta kammala, domin sabuntawar da ta faɗi tana barin tsohon izini a yadda yake. Daga nan ka gwada da sunansa, ka ga 90,000 ta maye gurbin 420,000.

Ka sani kuma cewa ƙa'idar nan ba ta san tarihi ba. Da zarar an ba shi R04, zai ga dukan cinikin R04 har na shekarun da ba ya can, kuma zai daina ganin na R01 har na watannin da shi ya yi aikin. Yawancin kamfanoni haka suke so. Idan ana buƙatar ya ci gaba da ganin tsohon reshensa na makonni biyu don miƙa aiki, ƙara masa layi na biyu maimakon gyara na farko, ka rubuta ranar cirewa a wani ginshiƙi na gefe, ka sa wa kanka tunatarwa a kalanda. Wanda ya bar aiki gaba ɗaya kuwa, fara da cire shi daga rukunin manajoji, domin wannan ba ya jiran sabunta bayanai, sannan ka goge layukansa a `Izini` don kada wani da aka ba irin adireshin nan gaba ya gaji rassansa.